Me Ya Sa Ake Kasa Sanin Yawan Mutanen Manyan Birane?

Idan ka ji an ce mutanen Legas sun haura miliyan 20, ko na Kinshasa sun kai miliyan 17, ka sani babu wanda ya bi gida-gida bana ya ƙirga su. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma kowane ƙiyasi yana tsaye ne a kan abubuwa uku: inda aka shata iyakar birnin, shekarar da aka yi ƙidaya ta ƙarshe, da saurin ƙaruwar da mai lissafin ya ɗauka. Da zarar an taɓa ɗaya daga cikinsu, adadin na iya hawa ko sauka da miliyoyi. Sanin hakan zai hana a ruɗe ka da lamba, domin da waɗannan lambobin ne ake raba kuɗi, ake tsara ruwan famfo, ake sayo allurar rigakafi.

Matsalar farko ita ce iyaka. Gwamnati tana shata iyakar birni a takarda, amma gine-gine ba sa tsayawa a nan. Ƙidayar Indonesiya ta 2020 ta samu mutum kusan miliyan 10 da rabi a Jakarta, wato a cikin yankin da hukumar birnin ke mulka. Sai dai tuni gidaje suka haɗe Jakarta da Bekasi da Depok da Tangerang da Bogor, har mai tafiya ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, Tokyo ce ta ɗaya a duniya, Jakarta kuwa tana can ƙasa. A rahoton 2025 sai Jakarta ta zama ta ɗaya da mutum kusan miliyan 42. Ba haihuwa ce ta kawo hakan cikin shekara bakwai ba, ma'auni aka sauya. An daina bin iyakar hukuma, aka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowanne kilomita ɗaya, aka haɗa duk waɗanda ke manne da juna masu cunkoson jama'a a matsayin birni guda.

Akwai kuma akasin haka. Ana yawan cewa Chongqing ta ƙasar Sin tana da mutum sama da miliyan 30, amma yankin da ke ɗauke da wannan suna ya haura murabba'in kilomita dubu 80, cike da gonaki da duwatsu da ƙananan garuruwa. Mu ma a gida muna faɗa wa wannan rami. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, amma wannan na ƙananan hukumomi 44 ne, har da Doguwa da Tudun Wada. Birnin kansa da kewaye, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Ungogo da Kumbotso, bai kai miliyan uku ba a lokacin. Haka dubban masu aiki a Abuja suna kwana a Mararraba da Masaka da Suleja, kuma takarda tana lissafa su a Nasarawa da Neja.

Matsala ta biyu ita ce ƙidayar kanta. Ana so kowace ƙasa ta ƙirga mutanenta duk shekara goma, amma aikin yana cin kuɗi, kuma yaƙi ko annoba ko siyasa na iya tsayar da shi. Najeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Indiya ta yi tata a 2011, ta 2021 kuma annobar korona ta sa aka jinkirta. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuwa, rabonta da cikakkiyar ƙidaya tun 1984.

Ko an fita ƙidayar ma, babban birni ya fi ƙauye wuyar ƙirgawa. Mai ƙidaya yana tafe ne da taswirar da aka zana watanni ko shekaru kafin ranar aiki, alhali sabuwar unguwa ta awon igiya na iya tashi cikin rani ɗaya. Ya shiga gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ya tarar duk a kulle, masu ɗakunan sun fita neman abinci tun asuba. Ɗan dako yana kwana a rumfar kasuwa, mai gadi a bakin ƙofa, ɗan ci-rani yana birni wata biyar yana ƙauye wata bakwai. Wanda ya yi gini ba izini yana tsoron kada a rubuta sunansa gobe a turo motar rusau, sai ya ɓoye. Wasu kuma, da an sa ranar ƙidaya, sai su kwashi iyali su tafi garinsu na asali don a ƙara wa jiharsu yawa, birnin da suke shan ruwansa suke cika asibitinsa ya tashi da giɓi.

Inda yawan jama'a ke shafar rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa, rikici ba ya ƙarewa. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ta ce jihar Legas na da mutum miliyan 9 da ɗoriya a 2006. Gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17 da rabi. Har yau wasu na ɗora ƙiyasinsu a kan na farko, wasu a kan na biyu, shi ya sa za ka ga littattafai biyu sun bambanta da miliyoyi a kan birni ɗaya. A Karachi ta Pakistan ma, da ƙidayar 2017 ta fitar da kusan miliyan 15, jam'iyyun birnin sun yi ca cewa an rage su. Amma kada a ɗauka kullum ragewa ake yi. Shekara da shekaru ana ta maimaita cewa mutum miliyan ɗaya ne ke zaune a unguwar Kibera ta Nairobi, sai ƙidayar Kenya ta 2009 ta samu wajen dubu 170. Lambar da aka yi ta nanatawa ba ta zama gaskiya don yawan masu faɗarta.

To idan ƙidaya ta tsufa, yaya ake samo adadin yau? Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki adadin ƙarshe da aka sani, a zaɓi kashi nawa cikin ɗari birnin ke ƙaruwa duk shekara, a yi ta ɗorawa. Mu gwada da Kinshasa. A 1984 an ƙirga mutum kusan miliyan 2.7. Idan muka ce tana ƙaruwa da kashi 4 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara 40, wato a 2024, za mu samu kusan miliyan 13. Idan muka ce kashi 5 ne, sai mu samu kusan miliyan 19. Bambancin kashi ɗaya tak ya haifar da giɓin mutum miliyan shida, domin ƙarin kowace shekara yana hawa ne a kan na bara. Akwai dabarar da kowa zai iya riƙewa: raba 70 da saurin ƙaruwar, za ka samu shekarun da jama'a za su ninka. Kashi 5 na nufin ninkawa duk shekara 14, kashi 4 kuwa sai an yi shekara 17 da rabi.

Masana sun fi son hanyar da ke bin tushen ƙaruwar. Sukan raba jama'a rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi, su tura kowane rukuni gaba da shekara biyar, su cire waɗanda ake sa ran za su rasu, su ƙara jariran da matan da ke shekarun haihuwa za su haifa, sannan su sa masu shigowa su cire masu fita. Wannan yana aiki sosai ga ƙasa baki ɗaya. Ga birni kuwa, ƙaura ce ke rikita shi, don babu mai rubuta sunan wanda ya sauka a tasha da jakarsa. Ga shi rajistar haihuwa da ta mutuwa ba ta cika ba a ƙasashe da yawa, sai an dogara da binciken gidaje da ake yi jefi-jefi. Rikici ko fari ko ambaliya na iya kwararo dubban mutane cikin watanni, kamar yadda rikicin Boko Haram ya cika Maiduguri da 'yan gudun hijira, abin da babu lissafin da ya hango.

A 'yan shekarun nan an ƙara da hoton tauraron ɗan'adam. Cibiyoyi irin su WorldPop ta Jami'ar Southampton da shirin Africapolis suna duba inda gine-gine suka kai. Ana ƙirga rufin gidaje daga sama, a tura ma'aikata wasu unguwanni kaɗan su ƙirga mutane da ƙafa, sannan a auna sauran da abin da aka samu. An yi amfani da irin wannan a arewacin Najeriya wajen tsara rigakafin shan inna. Sai dai hoto rufi yake gani, ba ya ganin masu kwana a ƙarƙashinsa. A ce unguwa na da rufi 4,000. Idan gidajen da aka gwada na da mutum shida-shida, sai a rubuta 24,000. Idan ashe yawancinsu gidajen haya ne masu mutum goma sha ɗaya, gaskiyar ita ce 44,000, kuma allurar da aka kawo za ta ƙare yara na kan layi. Shaguna da ɗakunan ajiya da kangon da ba a gama ba duk suna iya shiga lissafi, bene mai hawa huɗu kuma ya fito a matsayin rufi ɗaya.

Hasashen gaba ya fi wannan santsi. A shekarun 1990 an yi hasashen Legas za ta haura miliyan 20 kafin 2015, amma daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa adadin wannan shekarar a miliyan 12 zuwa 13. Dalili shi ne birni ba ya riƙe gudu ɗaya har abada. Haya na tsada, cunkoso na korar mutane zuwa garuruwan gefe, haihuwa na raguwa idan 'yan mata suka daɗe a makaranta. Don haka idan ka ga binciken Daniel Hoornweg da Kevin Pope da ya ce Legas na iya kai miliyan 88 a 2100, ka fahimce shi a matsayin abin da zai faru idan sharuɗɗan da suka ɗauka suka tabbata. Hasashen shekara biyar zuwa goma ana iya tsara aiki da shi, na shekara tamanin kuwa gargaɗi ne kawai.

Duk lambar da aka kawo maka, ka tambayi iyakar da aka bi, da shekarar ƙidayar da aka ɗora ta a kai, da kuma wanda ya fitar da ita da abin da zai samu idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ka yi hattara da adadin da aka rubuta har da ɗai-ɗai, irin su 16,387,204, ga birnin da aka shekara ashirin ba a ƙirga ba. Na'ura ce ta fitar da shi, ba mai ƙidaya ba. Ranar da ƙidaya ta zo kuma, ka tsaya a ƙirga ka a inda kake zaune, tare da 'yan haya da almajirai da 'yan aikin da ke kwana a gidan, domin da wannan adadin za a yi wa unguwarku lissafin aji da gadon asibiti na shekaru masu yawa.