Yadda ake sanin nauyin ƙarfe tun yana kan takarda

Duk wanda ya taɓa kai aikin ƙarfe Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san ba a nisa da ciniki sai an zo kan maganar kilo. A kan kilo ake lissafin kuɗin ƙarfen, a kansa ake kuɗin dako, da shi kuma ake sanin ko injin da za a ɗaura wa kayan zai ɗauka. Matsalar ita ce, lokacin da ake wannan ciniki kayan bai wanzu ba tukuna, balle a ɗora shi a sikeli. Zane ne kawai a takarda. To amma zanen nan ya isa a fitar da nauyin, in dai mutum ya san irin ƙarfen da za a yi aikin da shi.

Abu biyu ake nema. Na farko girman jikin kayan, wato yawan wurin da ƙarfen ya cike, ana auna shi da santimita kubik. Santimita kubik ɗaya ɗan dunƙule ne mai tsawo da faɗi da tsayi santimita ɗaya-ɗaya. Na biyu shi ne nauyin wannan ɗan dunƙule, wanda ake kira densiti, kuma kowane ƙarfe da nasa. Baƙin ƙarfen da aka fi yin aiki da shi giram 7.85 ne, ƙarfen zubi wajen 7.2, alminiyom 2.7, tagulla irin ta kan famfo kuwa wajen 8.5. In aka ninka girman jiki da densiti, nauyi ya fito. Wannan ninkawar ba ta da wuya. Aikin yana wajen fitar da girman jikin.

Mu ɗauki sandar ƙarfe mai hawa biyu, irin wadda ake sassaƙawa don ta juya a cikin injin niƙa. Zanen ya nuna tsawonta milimita 200. Ɓangare mai kauri faɗinsa 50, tsawonsa 120. Siririn ɓangaren faɗinsa 30, tsawonsa 80. A bakin mai kaurin an huda rami mai faɗin 12 da zurfin 40. A zanen injiniya, in ba a faɗi wani ma'auni ba, galibi milimita ake nufi, kuma alamar Ø a gaban lamba tana nufin faɗin da'ira daga gefe zuwa gefe, harafin R kuma rabin faɗin. Lambobin da aka rubuta ake bi. Kada a ɗora rula a kan takarda, domin sau da yawa an rage girman zanen ko an ƙara shi.

Kafin a taɓa kalkuleta, a mayar da komai santimita, tunda densitin da ke hannunmu na santimita ne. Hamsin ta koma 5, ɗari da ashirin ta koma 12, haka har ƙarshe. Sannan a kasa sandar a zuci: mulmulallun guntaye biyu da za a haɗa, da rami ɗaya da za a cire. Kowannensu dabara ɗaya ce ke fitar da shi:

V = π × r² × L

Wato a ninka rabin faɗi da kansa, a ninka da 3.14, a ninka da tsawo. Mai kaurin rabin faɗinsa 2.5; in an ninka shi da kansa 6.25 ke nan, sau 3.14 sau 12 ya ba da santimita kubik 235.5. Siririn rabin faɗinsa 1.5, tsawo 8, ya ba da 56.5. Ramin rabin faɗinsa 0.6, zurfi 4, ya ba da 4.5. In an haɗa biyun farko aka cire ramin, saura 287.5. A ninka da 7.85, a samu giram 2,257, kilo biyu da kwata ke nan da ɗan ɗoriya. Da alminiyom za a yi wannan sanda, da ba ta wuce giram 777 ba. Da tagulla ce, da ta kusa kilo biyu da rabi.

Mai lura zai ce ai an dakushe bakin sandar, kuma gindin ramin yana da tsini saboda bakin abin huji. Gaskiya ne, amma dakushewar milimita 2 a bakin mai kaurin ba ta cire fiye da giram biyu da rabi, tsinin ramin kuma wajen giram ɗaya ne. A ganina ɓata lokaci ne a bi su a kaya mai kilo biyu, tunda shi kansa densitin yana ɗan motsawa daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Sai dai in kayan ƙarami ne ƙwarai, ko dubbai za a ƙera.

Kurakuran da ke cin mutane manya ne, kuma kowanne da alamarsa. In aka manta aka sa faɗi gaba ɗaya a gurbin rabinsa, amsa za ta ninka sau huɗu, sandarmu ta koma kilo tara. In aka bar awon a milimita aka ninka da 7.85, amsa za ta ninka sau dubu, a ga sandar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ta haura tan biyu. Na uku ya fi ɓuya, kuma a kan bututu da zobe yake faruwa: mutum ya cire faɗin ciki daga na waje tun farko, sannan ya yi lissafi da ragowar. Ba haka ake yi ba. A fitar da girman na waje daban, na ramin daban, sannan a cire. A bututu mai faɗin waje 50 da na ciki 30, wannan gaggawar tana ba da kashi ɗaya cikin huɗu na amsar gaskiya.

Akwai hanyar gwaji da masu aikin rodi suka daɗe suna amfani da ita. A ninka faɗin mulmulallen baƙin ƙarfe da kansa, a milimita, a raba da 162, a samu nauyin mita ɗaya a kilo. Faɗin 50 ya ba da kilo 15.4 a mita. Sandarmu gaba ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na mita ce, don haka ko da ba a rage mata komai ba, ba za ta wuce kilo 3.1 ba. Duk amsar da ta haura wannan, akwai kuskure a cikinta. Wannan 162 fa ta baƙin ƙarfe ce kaɗai, ba ta aiki a kan alminiyom.

Saura maganar kuɗi, inda gardama ta fi tashi. Nauyin kayan da aka gama daban, nauyin ƙarfen da za a saya daban. Mai sassaƙa yana buƙatar rara, don haka zai iya yanko ƙarfe mai faɗin 55 da tsawon 205. Wannan guntu santimita kubik 487 ne, kilo 3.82. Ke nan fiye da kilo ɗaya da rabi zai zube ƙasan inji a matsayin ɓawo, kusan kashi 41 cikin ɗari, kuma mai kaya ne ke biyan kuɗinsa. Saboda haka in maƙeri ya ce maka kuɗin ƙarfe na kilo huɗu ne alhali kayanka kilo biyu da kwata ya yi a sikeli, bai cuce ka ba. In kuwa kayan da aka miƙo maka ya gaza lissafi da yawa, sai ka sake auna faɗinsa da zurfin raminsa, ka kuma tambayi irin ƙarfen da aka yi amfani da shi kafin ka biya.