Yadda Ake Lissafa Bugun Aisi Mai Lamba 555

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin ƙaramar na'ura mai fitila mai ƙyaftawa ko ƙararrawa mai kuka, da wuya bai ga wani ɗan baƙin aisi mai ƙafafu takwas ba, an rubuta NE555 a bayansa. Injiniya Hans Camenzind ne ya tsara shi a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fitar da shi kasuwa a 1972, kuma har yau ana samunsa da araha a shagunan kayan gyaran rediyo. Aikin da aka fi ba shi shi ne kunna wuta da kashe ta, ba tsayawa, ba tare da wani ya danna komai ba. Wannan haɗin ne masu fannin ke kira astebul. Abubuwa uku kacal ke yanke saurin bugunsa: rizista biyu, R1 da R2, da kafasita ɗaya, C.

Ga yadda ake haɗa su. R1 na tasowa daga wutar batir zuwa ƙafa ta 7. R2 na tasowa daga ƙafa ta 7 zuwa ta 6, wadda aka ɗaure da ta 2. Daga nan kafasita ta sauka zuwa ƙasa, wato ɓangaren debewa na batir. Ƙafa ta 8 da ta 4 suna kan wuta, ta 1 tana ƙasa, ta 3 kuma ita ce mafita, inda ake ɗora fitila ko lasifika.

Kafasita kamar tulu take: ana cika ta, ana juye ta. A ce batirin mai bolt 9 ne. A cikin aisin akwai rizista uku masu daraja ɗaya da suka raba wutar gida uku, suka kafa iyaka biyu, bolt 3 da bolt 6. Wuta na bi ta R1 da R2 tana cika kafasita, mafita kuwa a kunne take. Da zarar cikar ta kai bolt 6, sai aisin ya kashe mafita, ya kuma haɗa ƙafa ta 7 da ƙasa. Kafasita ta fara juyewa, amma ta R2 kaɗai, domin ƙafa ta 7 tana tsakanin rizistocin ne. In ta sauka bolt 3, sai a rufe hanyar, mafita ta sake kunnuwa, cika ta sake farawa.

Shiga ta rizista biyu, fita ta ɗaya: wanda ya riƙe wannan ya riƙe lissafin gaba ɗaya.

```
t1 = 0.693 × (R1 + R2) × C
t2 = 0.693 × R2 × C
f  = 1.44 / ((R1 + 2×R2) × C)
D  = (R1 + R2) / (R1 + 2×R2)
```

A nan t1 lokacin kunnawa ne, t2 lokacin kashewa, f yawan bugu a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da Hz, D kuma kason da kunnawa ta ci daga cikin kowane zagaye.

Mai lura zai ga babu ƙarfin batir a cikin lissafin, kuma ba mantuwa aka yi ba. Daga bolt 3 zuwa 6, kafasita ta ci rabin tazarar da ke tsakaninta da bolt 9. Daga 6 zuwa 3, ta ci rabin tazarar da ke tsakaninta da sifili. Lokacin da kafasita ke ɗauka ta ci rabin tazara kuwa kullum 0.693 ne sau rizista sau kafasita, ko tazarar babba ce ko ƙarama. Sa batir mai bolt 12, iyakokin su koma 4 da 8, rabin dai rabi ne. Shi ya sa batir kan fara sanyi, hasken fitila ya ragu, amma saurin ƙyaftawar ya kusan zama yadda yake. A ganina wannan ce dabarar da ta fi kyau a tsarin Camenzind.

Bari mu yi fitila mai ƙyaftawa kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Mu ɗauki R1 mai 10 kΩ, R2 mai 68 kΩ, da kafasita mai 10 µF. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ma'auni: 10 kΩ na nufin 10,000, 10 µF kuma na nufin 0.00001. Jimlar R1 da R2 ta zama 78,000. A ninka da 0.00001 a sami 0.78, a ninka da 0.693 a sami daƙiƙa 0.54 a kunne. Kashewa kuwa 68,000 ne sau 0.00001 sau 0.693, wato daƙiƙa 0.47. Zagaye ɗaya ya ci daƙiƙa 1.01, bugun ya zama kusan 0.99 Hz. Kason kunnawa shi ne 78 a raba da 146, kimanin kashi 53 cikin ɗari.

Yanzu a cire kafasitar a sa mai 10 nF, wadda ake rubuta 103 a jikinta. Ta gaza ta farko sau dubu, don haka bugun ya ninka sau dubu, ya kai kusan 986 Hz. Ido ba ya ganin wannan ƙyaftawa, fitila za ta zama kamar a kunne take kawai, amma ƙaramar lasifika za ta yi kuka siriri. Kason kunnawa kuwa yana nan a 53, domin babu C a lissafinsa. Ashe kafasita ce ke zaɓar ajin saurin, rizistoci su daidaita shi su kuma raba lokaci.

A wannan haɗin kunnawa ba ta taɓa sauka zuwa rabi cif, balle ƙasa da haka, tunda hanyar cika ta fi ta juyewa tsawo. Ana matsawa kusa da rabi in R2 ta fi R1 girma ƙwarai. Sai dai kada kwaɗayin haka ya sa a ƙanƙanta R1 fiye da kima. Duk lokacin da ƙafa ta 7 ta haɗu da ƙasa, R1 ce kaɗai ke tsakanin batir da ƙasa. In ta yi ƙanƙanta aisin zai yi zafi, in babu ita ma zai iya ƙonewa. Kada a sauka ƙasa da 1 kΩ.

Mai son ɗan gajeren walƙiya da doguwar hutawa yana da hanya biyu. Yana iya ɗora dayod 1N4148 a kan R2, ɓangaren da ke da zobe yana kallon ƙafa ta 6, don cika ta tsallake R2 ta bi ta R1 kawai. Lissafin zai ɗan kauce saboda wutar da dayod ke ci. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya fitilar, a sa ta da rizistarta tsakanin wutar batir da ƙafa ta 3, ta riƙa haske lokacin da mafita ke kashe. Da R1 mai 100 kΩ, R2 mai 10 kΩ da 10 µF, fitila za ta haska daƙiƙa 0.07 ta huta 0.76.

In an haɗa aka ga agogo bai yarda da takarda ba, a fara zargin kafasita. Irin mai kama da gwangwani, wadda ke da ƙafar tarawa da ta debewa, takan kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin ɗari, don haka fitilarmu ta daƙiƙa ɗaya tana iya ƙyaftawa sau 50 ko sau 70 a minti, ba 59 ba. Maganin shi ne a maye gurbin wani ɓangare na R2 da rizista mai murɗawa a daidaita da hannu. Irin wannan kafasitar kuma tana yoyo kaɗan. In rizistoci suka kai miliyoyi, abin da ke shiga ba ya fin abin da ke zuba, cikar ba za ta kai iyakar sama ba, mafita ta maƙale a kunne. Mita a kan ƙafa ta 6 za ta nuna haka: maimakon ta riƙa hawa da sauka tsakanin 3 da 6, sai ta tsaya wuri ɗaya ƙasa da 6. In kuma bugun na tsalle-tsalle ba dalili, a duba ko an bar ƙafa ta 4 a sake, sannan a sa kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1, kusa da aisin, da wata mai 103 daga ƙafa ta 5 zuwa ƙasa.