Su wa ke zaman kashe wando, kuma tun yaushe?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu neman aiki da masu yinsa a Najeriya ba su da aikin yi. Irin wannan adadi yana fitowa ne daga binciken zagaye ɗaya: a zaɓi gidaje, a tura ma'aikata su tambayi kowa abin da ya yi a makon da ya gabata, a haɗa lissafi. In an sake fita, galibi wasu gidajen ake shiga. Yana da sauri, kuɗinsa da dama-dama, kuma shi ne ke faɗa mana girman matsalar a yau, jiha-jiha, maza da mata. Sai dai akwai tambayar da ba ya iya amsawa.

Mu ƙaddara garuruwa biyu, kowanne da matasa 100. Duk bayan wata uku a je a ƙirga, a tarar 20 ba su da aiki a nan, 20 a can. A takarda, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amma a gari na farko mutum 20 ɗin nan su ne dai kullum a majalisa ƙarƙashin dalbejiya, shekara ta zagayo suna nan. A gari na biyu kuwa karɓa-karɓa ake yi: wannan ya zauna wata uku ya samu tuƙin adaidaita sahu, wancan aikin gini ya ƙare masa ya dawo gida. Kafin shekara ta cika, matasa 80 sun ɗanɗani rashin aiki, amma ba wanda ya daɗe. Gari na farko koyon sana'a da jari yake buƙata, na biyu kuma abin da zai riƙe yaro tsakanin aiki da aiki. Mai ƙirga sau ɗaya ba zai bambance su ba. Ko da ya tambayi tsawon zaman kowa, waɗanda suka daɗe ya fi cin karo da su, domin mai zaman sati biyu ya riga ya tashi kafin a zo.

Nan ne binciken bibiya ke shigowa, wato a riƙe mutane ɗaya a yi ta komawa wurinsu shekara da shekaru. A Birtaniya an bi yaran da aka haifa cikin mako guda a 1958 har girmansu, kuma daga bayanansu aka gano cewa wanda ya daɗe ba aiki a ƙuruciya albashinsa kan kasa na tsararrakinsa har bayan ya kai arba'in. Dole sai da bibiya ake ganin haka, don ita ce ke nuna abin da ya riga wani faruwa. A Najeriya ma hukumar ƙididdiga da Bankin Duniya sun fara bin gidaje kusan 5,000 tun 2010.

To amma bibiya tana da nata ciwon, kuma a wurinmu ya fi tsanani. Matashi ba ya zama wuri guda. Kaka ta wuce ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, lambar waya ta sauya, budurwa ta yi aure ta bar unguwa. Mu koma ga matasa 100 da 20 marasa aiki. A zagaye na biyu an rasa 30, kuma 12 daga cikinsu marasa aikin ne da suka gaji suka fita nema. Saura 70, takwas ba aiki, wato kusan kashi 11. Sai rahoto ya ce rashin aiki ya ragu da kusan rabi, alhali ba wanda ya samu ko aikin kwana ɗaya. Hanyar gano wannan ita ce a ɗauko amsoshin zagayen farko, a gwada na waɗanda suka ɓace da na waɗanda suka rage. In sun sha bamban, sakamakon ya karkace, sai an bi sawun matafiyan ko an gyara lissafi. Ga tsada, ga jira, ga kuma matasan suna tsufa: ɗan shekara 18 a 2010 yanzu magidanci ne, labarinsa ba na 'yan makarantar bana ba ne.

A ganina ba mu da uzurin riƙe ɗaya mu saki ɗaya, amma inda muka fi rauni shi ne bibiyar matashin kansa, ba gidansu kaɗai ba. Mai karatu, duk ranar da ka ji an ce rashin aiki ya ragu, tambayi ko mutane ɗaya aka sake tambaya, da kuma nawa aka rasa a hanya.