Me ya sa kason masu danna hoton bidiyo ke faɗuwa idan bidiyon ya bazu?

Kowane bidiyo a YouTube yana da ɗan hoton da ke zama fuskarsa. Idan aƙalla rabin hoton ya bayyana a allon mutum fiye da daƙiƙa 1, ana ƙirga cewa an nuna shi sau ɗaya. Daga nan ake fitar da kason dannawa, wato a cikin kowace nunawa 100, sau nawa aka danna aka kalla. A YouTube Studio ana ganinsa da sunan Impressions click-through rate. Kamfanin da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin ɗari.

Sabon bidiyo yakan fara isa ga na gida: mabiya tashar da waɗanda suka saba kallonta. Waɗannan sun san fuskar mai magana, ba sa buƙatar lallashi. Idan suka karɓe shi da kyau, sai a fara kai shi gaban baƙi, waɗanda ba su san tashar ba, kuma ba shi suka fito nema ba.

A ɗauki misalin mai koyar da yin masa. Ranar farko an nuna hotonta sau 2,000, aka danna sau 200, kashi 10 ke nan. Cikin mako aka ƙara nuna shi sau 48,000 ga baƙi, waɗanda kashi 4 kawai suka danna, wato 1,920. Jimilla an nuna sau 50,000, an danna 2,120, kaso ya sauko zuwa kusan 4.2. Hoton bai canza ba, na gida ma ba su juya baya ba. Baƙi ne suka rinjaye su a lissafi. Masu kallo kuwa sun ninka fiye da sau goma. Wadda ta firgita ta sauya hoto a nan tana gyaran abin da bai lalace ba.

Saboda haka ba a karanta kason shi kaɗai. Idan yana sauka alhali nunawa tana hawa, bazuwa ce. Abin damuwa shi ne ya sauka nunawa kuma ta tsaya cik, domin hakan yakan nuna hoton ko taken bai ja mutane ba, ko kuma an ta maimaita shi ga waɗanda suka riga suka wuce shi.

Ana rarrabewa ta hanyar duba kowace ƙofar shigowa daban. Masu zuwa ta YouTube search sukan fi dannawa, tunda su suka rubuta abin da suke so. Masu zuwa ta Browse features kuwa yawo suke yi. Sai a kwatanta ƙofa da irinta a bidiyoyin tashar na baya. A haɗa da tsawon kallo: idan ana dannawa da yawa amma ana ficewa da wuri, hoton ya yi alkawarin da bidiyon bai cika ba, kuma irin wannan ba ya daɗewa ana tura shi.