Abin da ke tare lambar tantancewa a hanya, da yadda ake gano inda ta maƙale

Kafin WhatsApp ya buɗe wa mutum sabon asusu, ko ya mayar masa da tsohonsa a sabuwar waya, sai ya aika lambobi shida ta saƙon tes zuwa layin da aka rubuta. Na Telegram biyar ne. A mafi yawan lokuta saƙon kan iso cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan bai iso ba, abin da akasarin mutane ke yi shi ne su yi ta danna wurin sake aikawa, har manhajar ta ce su dakata na awa ɗaya, daga nan kuma ta ƙara musu wasu awanni. Ga ma'aikacin da takardun gayyatar taro da umarnin maigidansa ke zuwa ta zauren WhatsApp na ofis, wannan dakatarwa tana nufin yini guda a cikin duhu.

Saƙon ba ya tashi kai tsaye daga kamfanin manhajar ya faɗo cikin waya. Kamfanin yana miƙa shi ne ga wani dillalin saƙonni na ƙasa da ƙasa, dillalin ya duba kamfanin sadarwar da ke riƙe da layin a Najeriya ya miƙa masa, kamfanin sadarwar ya nemo inda sim ɗin yake ya isar, sannan ita wayar ta yanke shawarar ko ta nuna saƙon ko ta ɓoye shi. A kowane zango cikin huɗun nan saƙon na iya tsayawa, kuma manhajar ba ta faɗa wa mai jira inda ya tsaya. Sake dannawa yana tura sabon saƙo ne ta tsohuwar hanyar, ya je ya tsaya daidai inda na farko ya tsaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa kamfanonin ke rowar saƙon. Kowane tes kuɗi ne suke biya, kuma akwai 'yan damfarar da ke sa na'urori su yi ta neman lambar tantancewa zuwa layukan da suke cin riba a kansu. Saboda haka duk layin da ya nemi lamba sau da yawa cikin ɗan lokaci, sai a tsawaita masa jira, ko da mai shi ne na gaskiya.

A ɗauka wani hadimi ne aka ba shi sabuwar waya ya haɗa wa daraktansa, a wani ofis da ke ƙasan bene a sakatariyar tarayya. Ya jona wayar da intanet ɗin ofis, ya sauke WhatsApp, ya rubuta lamba, ya zauna yana jira. Abu na farko da ya kamata ya sake dubawa shi ne lambar da ke kan allo. Ƙasa ta zama Najeriya, wato +234, lambar kuma ba tare da sifirin farko ba: layin da ya fara da 0803 zai zama +234 803 da sauran lambobi bakwai, jimilla goma bayan lambar ƙasa. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kai saƙon wayar wani bawan Allah a wani gari. Idan da kuskure, akwai “Wrong number?” a shafin, wanda ke mayar da shi baya ya gyara.

Na biyu, ina sim ɗin yake? Tambayar ta yi kama da rainin hankali, amma manyan ma'aikata kan riƙe layi uku ko huɗu, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar layin da ake magana a kai yana cikin tsohuwar wayar da aka bari a mota, ko cikin ɗan akwatin intanet na tafi-da-gidanka, inda saƙon zai shiga ya kwanta ba wanda ya gani. Ba dole ne sim ɗin ya kasance cikin sabuwar wayar ba, amma dole ya kasance a kunne a inda za a iya karantawa. Haka kuma, idan asusun yana buɗe a tsohuwar waya, WhatsApp na iya aika lambar cikin manhajar da ke can, kuma yakan rubuta hakan a shafin da hadimin ke kallo. Telegram ya fi kowa wannan ɗabi'a: muddin asusun na buɗe a wata waya ko kwamfuta, can yake fara turawa, cikin wata hira mai sunan Telegram. Mutane da dama na jiran tes ɗin da ba a aiko ba tun farko.

Sai batun sabis. Neman lambar yana bi ta intanet, amma isowarta tana bi ta turken kamfanin sadarwa. Wayar da ke ƙasan bene na iya buɗe kowane shafi da intanet ɗin ofis alhali ba ta da sandar sabis ko ɗaya. Hadimin ya fito fili, ya kunna yanayin jirgin sama na ɗan lokaci ya kashe, domin wayar ta sake gabatar da kanta ga turke. Cibiyar saƙonnin kamfanin takan ajiye tes ɗin da bai samu shiga ba ta sake gwadawa, shi ya sa wani lokaci lambobi uku ko huɗu ke zubowa tare. A irin wannan hali ta ƙarshe ake amfani da ita.

Idan duk wannan daidai ne, akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. Ya sa wani ya aiko wa layin tes na yau da kullum, sannan ya duba yaushe saƙon banki ya shigo na ƙarshe. Idan tes ɗin abokin aiki bai shigo ba, matsalar ta layin ce ko ta wayar, ba ruwan WhatsApp. Sai ya cire sim ɗin ya sa a wata waya: idan ya shigo a can, wayar ce, idan bai shigo ba, layin ne. Tun Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba, 2024. Layin da aka rufe saboda wannan, ko saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba, ba zai karɓi komai ba, kuma hakan ya fi faɗa wa layin ajiya da ake tunawa da shi sai an tashi buɗe asusu na biyu. Ana duba matsayin haɗin ta *996#, ana samun ma'aikatan kamfanin ta 300. Wanda ke ƙasar waje a bakin aiki kuwa, sai layinsa na gida ya kama wani kamfani a can kafin tes ya same shi.

A ce a misalinmu tes ɗin abokin aiki ya shigo, saƙon banki ma ya shigo da safe, lambar tantancewa ce kaɗai shiru. To nan a fara leƙa ɓoyayyun aljihunan wayar. A manhajar Messages ta Google akwai “Spam & blocked”. A iPhone akwai “Filter Unknown Senders”, wanda ke ware saƙonnin baƙi a wani jeri dabam. Wanda ya ɗora Truecaller a matsayin mai karɓar saƙonninsa ya duba can ma. Manya kan tsananta waɗannan matatai saboda yawan masu neman alfarma, sai matatar ta haɗa da abin da ake nema.

Idan babu a can, saura hanyar da ke tsakanin dillali da kamfanin sadarwa, kuma abubuwa biyu ne aka fi sani da kawo cikas a Najeriya. Na farko shi ne tsarin hana saƙonnin talla da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙaddamar a 2016 a kan lamba 2442. Wanda ya taɓa aika STOP zuwa lambar ya rufe ƙofa ga talla gaba ɗaya. Bisa ƙa'ida bai kamata hakan ya shafi saƙon tantancewa ba, amma idan dillali ya bi da shi ta hanya mai araha da ake tura talla, za a tare shi tamkar talla. Aika STATUS zuwa 2442 yana nuna matsayin layin, ALLOW kuma yana buɗe ƙofar, ko da yake ba lallai ne ya fara aiki nan take ba. Na biyu shi ne ƙaurar layi. Tun Afrilun 2013 ana iya komawa wani kamfani da tsohuwar lamba, saboda haka 0803 ba ta ƙara zama tabbacin cewa layin na MTN ne ba, haka 0805 ga Glo ko 0802 ga Airtel. Dillalin da ke waje, idan ya dogara da farkon lambar bai bincika ba, zai ƙwanƙwasa gidan da mai layin ya riga ya tashi. Alamar wannan ita ce saƙonnin cikin gida na shigowa lafiya, na waje ne ke ɓacewa, musamman a kwanakin farko bayan ƙaura.

Wannan ba abin da hadimin zai gyara daga kan kujerarsa ba ne, kuma ba sai ya gyara ba kafin ya gama aikinsa. Ya bar agogon da ke shafin ya ƙare, ya danna “Didn't receive code?”, ya zaɓi kiran murya. Na'ura za ta kira layin ta karanto lambobin shida, kuma kira ba ya bin hanyar dillalan tes. Sai dai ya tabbatar wayar ba ta toshe kiran baƙin lambobi ba, don kiran kan zo da lambar ƙasar waje. Ƙorafi kan layin sai ya biyo baya, a fara da kamfanin, idan ba a samu biyan buƙata ba a kira NCC ta 622.

Akwai shawarwari biyu da ke yawo waɗanda ɓata lokaci ne. Sa kati ba ya jawo saƙon, don karɓar tes a cikin gida kyauta ne, sai fa idan rashin amfani ne ya sa aka dakatar da layin. Sauya lambar cibiyar saƙonni a saitin waya ma ba ya taimakawa, domin aikinta a wajen aikawa ne. Abin da ke da tasiri shi ne ainihin manhajar: jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp kan gamu da ƙin tantancewa, sai an goge an sauke na gaskiya daga Play Store ko App Store.

Wani lokaci lambar takan iso, a shigar, sai manhajar ta sake neman wasu lambobi shida. Waɗannan ba za su zo ta tes ba komai jira. Makullin tantancewa mai mataki biyu ne, wanda mai asusun ya zaɓa da kansa. Idan daraktan ya manta, ana sabunta shi ta imel ɗin da ya haɗa da asusun. Idan bai haɗa ba, jiran kwana bakwai ne. Haka abin yake ga wanda ya sayi sabon layi da kamfani ya karɓe daga tsohon mai shi ya sake sayarwa, ya tarar da makullin wancan a kai.

Idan kuwa hadimin ya buɗe shafin karo na farko ya tarar an ce a jira awanni saboda yawan gwaji, ko lambobin tantancewa suna ta shigowa wayar daraktan ba tare da kowa ya nema ba, to wani ne a wani wuri yake rubuta lambar layin. Abin da kan biyo baya shi ne kira daga mai ladabin murya, yana cewa daga sakatariyar wani kwamiti yake, ya turo lambar shiga taron intanet, a karanto masa don ya sa suna. Lambobin shida da yake nema su ne na asusun. Kada a karanta masa, kuma a shiga Settings, Account, Two-step verification a tsohuwar wayar a kafa makulli tare da imel tun asusun yana hannu.