Kawu ne ko baffa? Gane dangantaka a dogon fim

Idan fim mai dogon zango ya kai kashi na 50, mai kallo yakan rikice, ya manta wane ne ɗan wane. Abin da zai warware maka shi ne sunan da ake kiran mutum.

A ce jaruma tana kiran wani dattijo Kawu. To, ɗan'uwan mahaifiyarta ne. Da Baffa ta ce, da ta wajen uba yake. Ɗan kowannensu ba muharraminta ba ne, shi ya sa marubuta ke yawan ƙulla auren zumunci a nan.

Inda ake tuntuɓe shi ne "Mama", domin kishiyar uwa ma haka ake kiranta. Ka jira ranar rabon gado. Wanda yake agola, ranar za ka ga ba shi da kaso a dukiyar maigidan.