Tiramadol da kodin: Yadda suke kama jiki da kuma jawo farfaɗiya

A watan Mayun shekarar 2018 ne gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa maganin tari mai ɗauke da kodin, da kuma shigo da shi ƙasar.

Wani binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta wallafa a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin mutane miliyan 4.6 ne a ƙasar suke shan magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, yayin da kimanin miliyan 2.4 suke shan maganin tari ta wannan hanya.

Ba duka waɗannan mutane ne suka fara sha don neman maye ba. Akwai waɗanda ciwon baya, ko gajiyar aiki, ko kuma tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne ya kai su kantin magani.

Yadda jiki ke sabawa

Tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, da kuma kodin duka suna aiki ne a ƙwaƙwalwa kamar yadda mofin yake yi. Hasali ma hanta ce take juya kodin ya koma mofin kafin ya kashe zafi.

Idan mutum ya yi makwanni yana sha a kullum, ƙwaƙwalwa takan rage amsa maganin, ta yadda ƙwaya ɗaya ba za ta ƙara yin aikin da ta yi a farko ba.

A ɗauki misalin birkila mai fama da ciwon baya, wanda ya fara da ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 kafin ya fita aiki. Bayan wani lokaci sai ya ga ɗaya ba ta isarsa, ya koma biyu, daga nan kuma ya koma mai miligiram 225 da ake sayarwa a ɓoye.

Duk ranar da bai samu ba, sai ya tashi da hamma, da zufa, da yoyon hanci, da murɗar ciki, da ciwon gaɓoɓi. Yakan ɗauka ciwonsa ne ya dawo, alhali kuwa jikin ne yake neman abin da ya saba da shi. Da zarar ya sha sai alamun su gushe, wanda hakan ke ƙara tabbatar masa da kuskuren da ya yi.

Daga ina farfaɗiyar take zuwa?

Tiramadol yana da aiki na biyu wanda kodin ba shi da shi: yana ƙara yawan wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su. Idan ya yi yawa a jini, jijiyoyin sukan ruɗe su riƙa aika saƙo barkatai a lokaci ɗaya, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga.

Iyakar abin da likitoci suka yarda baligi ya sha a yini shi ne miligiram 400, a rarrabe. Hukumar NAFDAC kuwa mai miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su.

Ke nan idan birkilan nan ya haɗiyi ƙwaya biyu masu miligiram 225, ya sha 450 a tashi ɗaya, wato ya zarce iyakar yini guda kafin ma ya hau bene.

Galibi farfaɗiyar takan zo ne cikin yinin da aka sha maganin, kuma tana kama wanda bai taɓa yin ta ba. Ga wanda ke kan tsani, ko yake tuƙa babur, faɗuwar kanta tana iya zama ajali.

Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon farfaɗiya tun asali, da wanda ya taɓa buguwa a ka, da mai ciwon ƙoda, da kuma mai shan maganin damuwa irin su amitiriftilin. Waɗannan suna iya faɗuwa ko da ba su wuce ƙa'ida ba.

Shi kuwa kodin, babban haɗarinsa shi ne danne numfashi. Idan kowane cokali na mililita 5 yana ɗauke da miligiram 10, to kwalba mai mililita 100 tana da miligiram 200, abin da aka tsara a sha sau ashirin. Bugu da ƙari, akan haɗa irin wannan ruwan magani da maganin mura mai sa barci, wanda shi ma yakan jawo farfaɗiya idan ya yi yawa.

Idan mutum ya faɗi

Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada kuma a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, sannan a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa.

Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa, ko numfashinsa ya yi ƙasa har ya ƙi farkawa, to a garzaya da shi asibiti nan take tare da kwalin abin da ya sha. Ko da ya farfaɗo da kansa, akwai buƙatar likita ya duba shi a ranar.

Me zai maye gurbinsu?

Ga ciwon baya ko gaɓoɓi, akan fara ne da farasitamol: giram ɗaya ga baligi, ba fiye da sau huɗu a yini ba, kuma ƙasa da haka ga mai ciwon hanta. Ibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, amma ba su dace da mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko mai juna biyu ba sai da izinin likita. Wanda ake shafawa ya fi sauƙin illa.

Ciwon da ya wuce wata uku kuwa, motsa jiki da gashin ƙashi a asibiti sun fi ƙwaya amfani a kansa.

Shi ma tari alama ce, ba cuta ba. Na mura yakan tafi da kansa, kuma zuma a ruwan ɗumi tana sassauta shi, sai dai ba a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwajin majina domin gano tarin fuka, musamman idan akwai rama, ko zufar dare, ko jini. Maganin cutar kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Asma, da ƙwannafi, da maganin hawan jini irin su lisinofiril su ma suna jawo tari mai daɗewa, kuma kodin ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Ga wanda jikinsa ya riga ya saba, likitoci ba sa ba da shawarar a yanke maganin lokaci guda. Akan riƙa rage shi ne kaɗan-kaɗan, misali kashi 10 cikin ɗari duk bayan mako ɗaya ko fiye, tare da magance gudawa da rashin barcin da ke biyo baya.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato na daga cikin wuraren da ake kula da masu wannan matsala.

Likitoci na kuma gargaɗin cewa wanda ya daina na 'yan makwanni, jikinsa ya rasa juriyar da yake da ita a da, don haka idan ya koma kan tsohon adadin da ya saba sha, yana iya rasa ransa.